Ina Kuɗin Suka Tafi? Jadawalin da Ke Gwada Kasafi da Abin da Aka Kashe

Yawancin masu riƙon kuɗin jama'a sun iya tsara kasafi. Ma'ajin ƙungiya, akawun makaranta, sakataren kwamitin masallaci, duk sukan zauna a farkon shekara ko farkon zango su rubuta abin da za a kashe a kan kowane ɓangare. Matsalar tana zuwa ne a ƙarshe, lokacin da kuɗi suka ƙare kafin aiki ya ƙare. A nan sai ka ji ana ta maganar tsadar kaya, amma da wuya a samu mai iya nuna ɓangaren da ya cinye kuɗin, da nawa ya cinye, da kuma dalili. Jadawali guda ɗaya a kwamfuta ko a waya yana iya amsa tambayoyi biyu na farko cikin daƙiƙa, sannan ya nuna inda za a je a nemo amsar ta uku. Jadawalin yana ajiye abin da aka ware kusa da abin da aka kashe, ya fitar da bambancinsu a naira da kuma a kashi cikin ɗari, ya kuma sa alama a inda aka wuce iyaka.

Za mu gina shi tun daga tushe da misalin wata ƙaramar makaranta mai zaman kanta a zangon karatu ɗaya na wata uku. Alƙaluman na misali ne kawai, amma fomulolin suna aiki yadda aka rubuta su a Excel da Google Sheets.

Yadda ake jera jadawalin

Shafin waɗannan manhajoji a rarrabe yake zuwa ƙananan akwatuna. Layukan tsaye suna da haruffa, A, B, C, layukan kwance kuma suna da lambobi, 1, 2, 3. Sunan kowane akwati shi ne harafinsa haɗe da lambarsa, don haka B2 na nufin akwatin da ke layin tsaye na B a layin kwance na 2. Muna buƙatar layukan tsaye shida. A na sunan ɓangare ne, B na kasafi, C na abin da aka kashe, D na bambanci a naira, E na bambanci a kashi cikin ɗari, F kuma na alama. Layin kwance na 1 na kanun ne, alƙaluma su fara daga na 2.

A, B da C ne kaɗai ake cikewa da hannu. D, E da F aikin fomula ne, kuma ranar da wani ya buga lamba da hannu a cikinsu, ranar jadawalin ya daina faɗin gaskiya, domin idan aka gyara B ko C daga baya wannan lambar ba za ta motsa ba. Ga yadda jadawalin makarantarmu zai kasance idan an gama:

| | A: Ɓangare | B: Kasafi | C: An kashe | D: Bambanci | E: Kashi | F: Alama |
|---|---|---|---|---|---|---|
| 2 | Albashin malamai | 2,400,000 | 2,460,000 | 60,000 | 2.5% | A lura |
| 3 | Man janareta | 300,000 | 414,000 | 114,000 | 38.0% | A bincika |
| 4 | Alli da takardu | 40,000 | 52,000 | 12,000 | 30.0% | A lura |
| 5 | Gyaran rufi | 250,000 | 100,000 | -150,000 | -60.0% | Daidai |
| 6 | Ruwa | 90,000 | 94,500 | 4,500 | 5.0% | A lura |
| 7 | Buga jarrabawa | 120,000 | 150,000 | 30,000 | 25.0% | A bincika |
| 8 | Gyaran burtsatse | 0 | 85,000 | 85,000 | | Babu a kasafi |
| 9 | Jimla | 3,200,000 | 3,355,500 | 155,500 | 4.9% | |

Bambanci a naira

Fomula ta farko ita ce mafi sauƙi. A akwatin D2 a rubuta:

```
=C2-B2
```

Wato a cire kasafi daga abin da aka kashe. Sai a kama ƙaramar kusurwar akwatin ta ƙasa a ja ta har zuwa D9, manhajar za ta sauya lambobin da kanta: C3 da B3 a layi na 3, C4 da B4 a layi na 4, haka har ƙasa. A layin albashi an ware naira 2,400,000 an biya 2,460,000, saboda haka D2 zai nuna 60,000. A layin gyaran rufi an ware 250,000 an kashe 100,000, sai ya nuna -150,000.

Akwai akantocin da suka fi son juya lissafin, su cire abin da aka kashe daga kasafi, ta yadda wuce iyaka zai fito da alamar ragi. Duka hanyoyin biyu daidai ne. Abin da ba daidai ba shi ne a gauraya su a takarda ɗaya, ko a miƙa wa kwamiti takarda ba tare da an faɗa musu wadda aka bi ba. A namu jadawalin ƙa'idar ɗaya ce: lamba marar alamar ragi tana nufin an kashe fiye da abin da aka ware, mai alamar ragi kuma tana nufin an kashe ƙasa da shi. Yana da kyau a rubuta wannan jumla a saman shafin. Idan kuma za a yi wa kuɗin shiga irin wannan jadawali, a ware musu nasu daban, domin a can ma'anar takan juye: kuɗin makaranta da suka shigo fiye da tsammani alheri ne, ba abin sa wa jar alama ba.

Bambanci a kashi cikin ɗari

Naira kaɗai ba ta ba da cikakken labari. Ƙarin naira 60,000 a kan albashin miliyan biyu da dubu ɗari huɗu ɗan kaɗan ne, amma ƙarin 12,000 a kan alli da takardun 40,000 kusan sulusi ne. Don a ga wannan ake raba bambancin da kasafin. A E2 a rubuta:

```
=IF(B2=0,"",D2/B2)
```

Ainihin lissafin shi ne D2/B2. Sauran abin da ke kewaye da shi kariya ce. Ka duba layi na 8: burtsatse ya lalace a tsakiyar zango, an gyara shi da naira 85,000, alhali ba a ware masa ko sisi ba. Ba a raba lamba da sifili, don haka idan babu kariyar akwatin zai nuna #DIV/0!, kuma wannan kuskure zai bi duk wata fomula da ta dogara da akwatin. Fomular tamu tana cewa ne: idan kasafi sifili ne a bar akwatin fayau, in ba haka ba a yi rabon.

Bayan an ja fomular zuwa ƙasa za a ga lambobi irin 0.38 da 0.025. A zaɓi layin E gaba ɗaya a danna maɓallin %, sai su koma 38% da sauransu, a kuma ƙara gurbi ɗaya bayan ɗigo don 2.5% ya fito yadda yake. Kada a ninka da 100 a cikin fomula sannan kuma a danna maɓallin, domin a nan ne ake samun rahoton da ke cewa man janareta ya haura da 3800%.

Kuskuren da ya fi wannan ɓoyuwa shi ne raba bambancin da abin da aka kashe maimakon kasafi. A layin mai, 114,000 a raba da 300,000 ya ba da 38%. Idan aka raba da 414,000 sai ya ba da 27.5%, lambar da ta fi daɗin gani amma ba ta amsa tambayar da aka yi ba. Tambayar ita ce, da nawa aka kauce wa abin da aka yi alkawari? Alkawarin kuwa kasafi ne, don haka shi ne ma'auni.

Layin jimla ma yana da nasa tarkon. B9 da C9 ana tara su ne da SUM:

```
=SUM(B2:B8)
=SUM(C2:C8)
```

D9 da E9 kuwa suna ɗaukar fomulolin da ke samansu. Kashin jimla yana fitowa ne daga jimlar bambanci a raba da jimlar kasafi, wato 155,500 a kan 3,200,000, wanda ya ba da 4.9%. Wanda ya tara kashin layuka shidan ya raba da shida zai samu 6.75%, lamba marar ma'ana, domin ta ba alli nauyi ɗaya da albashi alhali albashi ya ninka shi sau sittin.

Alamar da ke da amfani

Fomular alama mafi sauƙi ita ce wadda ke rubuta gargaɗi duk inda D ya haura sifili. Idan muka yi haka a jadawalinmu, layuka shida cikin bakwai za su ɗauki gargaɗi, har da ruwa da ya haura da naira 4,500 kacal. Shugaban makarantar da aka miƙa wa takarda jajur daga sama har ƙasa ba zai san inda zai fara ba, kuma bayan zango biyu zai daina kallon launin gaba ɗaya. Amfanin alama shi ne ta ware kaɗan daga cikin yawa.

Saboda haka sai a yanke iyaka, kuma iyakar ta zama biyu: ta kashi da ta naira. A ce kwamitin makarantar ya amince cewa duk ɓangaren da ya haura kasafinsa da fiye da 10%, kuma ƙarin ya wuce naira 20,000, dole a zo a yi bayaninsa. A rubuta 10% a akwatin I1, a rubuta 20000 a I2, a sa bayaninsu a H1 da H2. Sannan a F2:

```
=IF(AND(B2=0,C2>0),"Babu a kasafi",
 IF(AND(E2>$I$1,D2>$I$2),"A bincika",
 IF(D2>0,"A lura","Daidai")))
```

Fomular tana da tsawo, amma tambayoyi uku kawai take yi, ɗaya bayan ɗaya, kuma da zarar ta samu amsar e sai ta tsaya. Ta farko: an kashe kuɗi a inda ba a ware komai ba? Ta biyu: an haura iyakokin nan biyu a tare? Ta uku: an haura kasafi ko da kaɗan ne? Idan duka amsoshin a'a ne sai ta rubuta Daidai. Da gangan aka sa tambayar kasafin sifili a gaba. Akwatin E8 da muke gani fayau a zahiri rubutu ne marar harafi, kuma Excel yana ɗaukar kowane rubutu a matsayin wanda ya fi kowace lamba girma. Idan ba a tare wannan layi tun farko ba, gwajin kashi zai ba da amsa ba bisa lissafi ba.

Alamar dala da ke cikin $I$1 da $I$2 ba ta da alaƙa da kuɗin Amurka. Aikinta shi ne ta ɗaure akwatin a wuri ɗaya. In babu ita, da an ja fomular zuwa layi na 3 sai I1 ya koma I2, I2 ya koma I3, a wayi gari ana gwada kashin mai da naira 20,000, ana gwada nairarsa da akwatin da babu komai a ciki. Manhajar ba za ta yi ƙorafi ba, alamun ne kawai za su fito ba daidai ba. Hanyar ganewa ita ce a danna F7 ko F8 a karanta fomular da ke ciki, a tabbatar har yanzu I1 da I2 take kallo. Ajiye iyakokin a akwatunansu kuma yana nufin idan kwamiti ya mayar da 10% zuwa 5%, wuri ɗaya za a gyara.

Da wannan fomula, man janareta da buga jarrabawa sun samu A bincika. Burtsatse ya samu tasa alamar. Alli da takardu sun haura da 30% amma kuɗin 12,000 ne, don haka A lura kawai suka samu. Yanzu taron kwamiti yana da batutuwa uku a gabansa maimakon shida.

Wannan ƙa'ida tana da rauni guda da ya kamata a sani. Kashi goma na albashi naira 240,000 ne, kusan kuɗin gyaran rufi gaba ɗaya, kuma albashi zai iya haurawa har zuwa nan bai samu A bincika ba. Albashi kuwa abu ne da aka san adadinsa tun kafin zango ya fara, don haka ko ƙarin 60,000 yana buƙatar dalili. Maganin shi ne a ba kowane ɓangare iyakar kashinsa a layin G, a ce 2% ga albashi, 10% ga sauran, sannan a maye gurbin $I$1 da G2 a cikin fomular. Da an yi haka albashi zai koma A bincika, sai a gano, a misalinmu, cewa an ɗauki malamin wucin gadi a kan naira 20,000 a wata ba tare da an sa shi a kasafi ba.

Domin alamar ta fito da launi, a zaɓi A2 zuwa F8. A Excel a shiga Home, sai Conditional Formatting, sai New Rule, a zaɓi Use a formula to determine which cells to format. A Google Sheets a shiga Format, sai Conditional formatting, a zaɓi Custom formula is. A rubuta:

```
=$F2="A bincika"
```

Sai a zaɓi launin ja. Dalar da ke gaban F kaɗai tana sa kowane akwati a layin ya kalli F na layinsa, don haka layin gaba ɗaya ne zai yi ja. A maimaita wa Babu a kasafi. Duk da launin, kada a cire rubutun alamar, domin yawancin rahotanni baƙi da fari ake buga su, kuma ba kowa ne ke bambance ja da kore ba.

Abin da jan layi bai faɗa ba

A nan ne aikin mutum yake farawa. Jan layi ba hukunci ba ne, tambaya ce, kuma layuka biyu masu launi ɗaya suna iya samun amsoshi mabambanta ƙwarai.

Ɗauki man janareta. An tsara sayen lita 300 a kan naira 1,000, wato 300,000. Da aka duba rasit sai aka ga lita 360 aka saya, a kan matsakaicin farashin naira 1,150, wato 414,000. Ƙarin 114,000 ɗin ya rabu gida biyu. Farashi ya tashi da naira 150 a kowace lita, a ninka da lita 360 da aka saya, ya ba da 54,000. An kuma sha ƙarin lita 60, a ninka da farashin kasafi na 1,000, ya ba da 60,000. Haɗa su biyun ka samu 114,000 cif. Gida na farko ba ya hannun kowa a makarantar. Duk wanda ya riƙe kasafi a Najeriya a shekarar 2023 ya san haka, domin bayan sanarwar cire tallafin mai a ranar 29 ga Mayu, litar fetur ta tashi daga ƙasa da naira 200 zuwa kusan 500 ko fiye cikin 'yan kwanaki, kuma duk kasafin da aka rubuta a watan Janairu ya tashi daga aiki. Gida na biyu kuwa, wanda ya fi girma a misalinmu, yana cikin makarantar. Wutar lantarki ce ta ƙara ƙaranci? Janareta ne yake son gyara? Ana barinsa a kunne bayan an tashi? Ko man yana bin wata hanya? Wanda ya tsaya a kan cewa mai ya yi tsada ya yi bayanin ƙasa da rabin ƙarin, ya bar sauran a rufe.

Buga jarrabawa kuma labarinsa daban ne. An yi kasafin naira 120,000 ne bisa ɗalibai 240, kowanne naira 500. Da zango ya kankama ɗalibai suka kai 300. Naira 500 sau 300 ita ce 150,000, daidai abin da aka kashe. Kuɗin kowane ɗalibi bai ƙaru da ko kwabo ba, kuma ƙarin ɗaliban sun biya kuɗin makaranta. Wanda aka ɗora wa buga jarrabawa bai yi almubazzaranci ba, kasafin ne ya tsufa. Duk ɓangaren da kuɗinsa ke bin yawan mutane ko yawan aiki, ya fi adalci a sake lissafa kasafinsa da adadin da aka samu a zahiri kafin a gwada.

Layin da ya fi kowanne haɗari a jadawalin kuwa shi ne wanda ya samu Daidai. An ware wa gyaran rufi naira 250,000, an kashe 100,000. Idan an gama aikin ne da araha, madalla. Amma idan an dakatar da shi ne aka karkatar da kuɗin zuwa mai da burtsatse, to ba a yi tanadin komai ba, an ɗage bashi ne zuwa damina. Haka nan idan kafinta ya gama aiki amma ba a biya shi cikon kuɗinsa ba, wannan 150,000 ɗin tana nan tana jira. Ka lura da abin da wannan layi ɗaya ya yi wa jimla. Layukan da suka haura kasafi sun haura da naira 305,500 a haɗe, wato 9.5% na kasafin duka. Ragin rufi ne ya rufe kusan rabinsa har jimla ta nuna 4.9%. Wanda ya kalli layi na 9 kaɗai zai ce zango ya tafi lafiya. Don haka yana da kyau fomular ta riƙa kama ragi mai yawa shi ma. A canza ƙarshenta zuwa:

```
IF(D2>0,"A lura",IF(E2<-$I$1,"Ragi mai yawa","Daidai"))))
```

Sai batun lokaci. Jadawalin da aka cike bayan zango ya ƙare tarihi ne, kuɗin sun riga sun tafi. Amfaninsa na gaske yana cikin dubawa kowane wata, amma a nan dole a gwada abin da aka kashe zuwa yau da kasafin zuwa yau. A ƙarshen watan farko, albashin da za a gwada da shi 800,000 ne, man janareta 100,000. Idan aka bar kasafin zango gaba ɗaya a layin B, yawancin wuce iyaka ba zai fito ba har sai watan ƙarshe. Kuma ba kowane ɓangare ake raba wa uku ba: buga jarrabawa a watan ƙarshe yake zuwa, don haka kasafinsa na watanni biyun farko sifili ne. Da an bi wannan tsari, ƙarin lita 20 na watan farko zai fito fili tun kafin ya zama 60.

Inda alƙaluma ke shigowa da kuskure

Fomula ba ta san abin da ya faru a kasuwa ba, abin da aka buga mata kawai ta sani. Hanya mafi tsabta ta cike layin C ita ce a buɗe shafi na biyu, a sa masa suna Rajista, a riƙa rubuta kowane kashe kuɗi a layinsa: kwanan wata a A, ɓangare a B, kuɗi a C. Sannan a C2 na babban jadawali:

```
=SUMIF(Rajista!B:B,A2,Rajista!C:C)
```

Wannan yana tattaro duk kuɗin da aka rubuta da sunan da ke A2. Sharaɗin shi ne sunan ya zama iri ɗaya harafi da harafi. Idan akawu ya rubuta jarrabawa yau, gobe ya rubuta jarabawa, ko ya bar tazara a bayan kalma, ko ya sa k a inda jiya ya sa ƙ saboda wayarsa ba ta da harafin, wannan kuɗi zai ɓace daga jadawali ba tare da wani gargaɗi ba, ɓangaren kuma ya fito kamar an yi tsimi. Rigakafin shi ne a yi amfani da Data Validation a layin B na rajistar, ta yadda za a riƙa zaɓar suna daga jeri maimakon bugawa. Sannan a ajiye akwati ɗaya na tantancewa:

```
=SUM(Rajista!C:C)-C9
```

Amsarsa dole ta zama sifili. Duk ranar da ta nuna wata lamba, akwai kuɗin da aka rubuta a rajista da bai samu gida a jadawali ba, kuma lambar ita ce adadinsa.

Kuskure na biyu shi ne buga kuɗi da harafi, irin N300,000 ko 300k. Manhajar tana ɗaukar wannan a matsayin rubutu. SUM zai tsallake shi shiru, fomular bambanci kuma za ta nuna #VALUE!. Ana gane shi da ido, domin lamba tana jingina da gefen dama na akwati, rubutu kuma da gefen hagu. A buga lamba zalla, a bar alamar naira a kanun layi. Idan kuma za a ƙara sabon ɓangare, a saka shi a tsakiyar jeri, ba a ƙarƙashin layi na ƙarshe ba, sannan a duba cewa SUM ya faɗaɗa ya haɗa da shi.

Masu karatu a Nijar, da Kamaru da Chadi, waɗanda kwamfutarsu ke aiki da Faransanci, za su tarar cewa sunayen fomulolin sun canza a Excel: IF ya zama SI, AND ya zama ET, SUM ya zama SOMME, SUMIF ya zama SOMME.SI, kuma ana raba sassan fomula da alamar ; maimakon waƙafi. Fomular kashi za ta zama:

```
=SI(B2=0;"";D2/B2)
```

Lissafin bai canza ba, ko da sefa ake yi ko da naira.

Abu na ƙarshe ya shafi amana, ba fomula ba. Idan ɓangare ya yi ja, akwai sha'awar a koma layin B a ɗaga kasafin har jan ya ɓace. Wannan yana kashe jadawalin gaba ɗaya, domin ma'aunin da ake gyarawa ya dace da kaya ba ya auna komai. Idan yanayi ya tilasta sake kasafi, kamar yadda ƙarin ɗalibai ko tashin farashin mai ke tilastawa, a buɗe sabon layin tsaye na kasafin da aka sabunta, a rubuta ranar da kwamiti ya amince da shi, a bar na asali a inda yake. A kuma ƙara layi ɗaya a ƙarshen jadawalin mai suna Dalili, wanda babu fomula a cikinsa. A gaban man janareta a rubuta: farashi 54,000, ƙarin lita 60,000, za a duba janareta. A gaban rufi a rubuta: an ɗage, saura 150,000, a sa a zango mai zuwa. Waɗannan gajerun bayanai su ne za a ɗauka a rubuta kasafin gaba da su, kuma su ne ke kare ma'aji mai gaskiya ranar da iyaye ko 'yan kwamiti suka tambayi inda kuɗinsu suka tafi.